Yadda Ɗan Kasuwa Zai Rubuta Bayanin Shaida Idan Ya Ga Gobara a Rumfa

Na daɗe ina riƙe da alƙalamin ƙungiyar layinmu a wata kasuwa a nan Garwa ta Kamaru, kuma duk lokacin da wuta ta tashi, ni ake nema in zauna da wanda ya gani mu rubuta abin da zai kai wa masu bincike. Na rubuta wa masu atamfa, na rubuta wa masu kayan roba, na rubuta wa mai gadi. Abin da na lura da shi, mutum yakan zo da gaskiyarsa, amma kafin ya kai ofis ta cuɗe da maganganun da ya ji a bakin jama'a, har shi kansa ya kasa rabe wanne ya gani, wanne aka gaya masa. Aikin wannan takarda ke nan: ta tsare abin da idonka ya gani tun bai gauraya ba.

Ka san wannan tun farko, ɗan'uwa. Takardar da za ka rubuta ba ita ce za ta hana a yi maka tambayoyi ba. Jami'in 'yan sanda ko jandarma da aka ba binciken zai zaunar da kai, ya tambaye ka, ya rubuta tasa takardar da Faransanci, ka sa hannu. Taka takardar ita ce madogararka a wannan zama, kuma kana iya roƙo a haɗa ta cikin fayil. Sannan ba ƙara ba ce. Mai ƙara yana cewa an cuce shi, shaida kuwa yana faɗin abin da ya faru a gabansa ne kawai.

Abin da za ka tanada

Farar takarda, aƙalla falle huɗu, da biro shuɗi ko baƙi. Kada ka yi da fensir, kada kuma ka yago daga littafin bashi. Katin ɗan ƙasa, ko rasit ɗinsa idan katin bai fito ba, domin sunanka zai shiga takarda daidai yadda aka rubuta shi a kati, ko da ba haka kake furta shi ba. Wayar da ke hannunka lokacin gobarar, da cajinta. Wata shaida da ke nuna rumfar taka ce ko haya kake: takardar rumfa, rasit na haraji, ko tikitin kasuwa. Idan sun ƙone cikin wutar, ka faɗi haka, shugaban layi zai iya tabbatar da zamanka a wurin. Idan an aiko maka da sammaci, ka riƙe shi, a jikinsa za ka ga ofishin da ke riƙe da maganar da sunan jami'in.

Idan ba ka rubutun boko, nemi wanda zai rubuta maka, amma da sharaɗi: kada ya zama yana da rumfa cikin waɗanda suka ƙone, kada kuma ya zama shi ma shaida ne. Ɗanka ɗan makaranta ya fi maƙwabcin da ya yi asara. Idan ajami ka iya, rubuta da ajami, daga baya a juya. Idan babu ko ɗaya a daren, buɗe wayarka ka naɗi muryarka kana ba da labarin, ka fara da faɗin rana da lokaci.

1. Rubuta a ranar, kai kaɗai, kafin ka shiga majalisa

Wannan matakin ya fi sauran wuya, domin bayan gobara zuciya ba ta kwance, kuma jama'a suna ta zuwa jaje. Amma washegari da hantsi kasuwa ta riga ta yanke hukunci. Wani zai ce wayar lantarki ce, wani zai ce mai shayi ne, wani zai ce ai mai rumfar bashi ya yi masa yawa. In ka zauna cikinsu sa'a biyu, za ka tashi da labarin da ba naka ba, kuma ka rantse a kansa da zuciya ɗaya.

Don haka da ka koma gida, ka zauna ka zuba duk abin da ka tuna a takarda, yadda ya zo, ba tsari. Wannan ita ce takardar farko, ba ita za ka kai ba, amma kada ka yar da ita. Idan ku biyu ne ko uku kuka gani, kowa ya rubuta tasa a inda ɗan'uwansa ba ya ji. Mutane suna tsoron kada bayanansu su saɓa, sai su haɗu su daidaita. Kuskure ne babba. Mai bincike ya saba ganin shaidu sun bambanta a ƙananan abubuwa, domin kowa da inda ya tsaya. Abin da ke sa shi zargi shi ne takardu uku masu kalmomi iri ɗaya.

2. Gabatar da kanka da inda kake tsaye

Saman takarda: cikakken suna, sunan mahaifi da na mahaifiya (a nan ana tambayar duka biyu), ranar haihuwa da gari, sana'a, unguwa, lambar kati, lambar waya. Sai lambar rumfarka da layin da take.

Daga nan ka faɗi alaƙarka da mai rumfar da ta ƙone. Idan ɗan'uwanka ne, faɗa. Idan kana binsa bashi ko yana binka, ko kun taɓa samun saɓani a kan iyakar rumfa, faɗa da bakinka. Kasuwa ba ta ɓoye irin wannan, in ba ka faɗa ba wani zai faɗa, kuma a lokacin sai a fara duban sauran bayananka da wani ido.

Sai wurin tsayuwarka. "Ina kasuwa" ba bayani ba ne. Kana cikin rumfa ko a bakin ƙofa? Ina ka fuskanta? Rumfa nawa ke tsakaninka da inda ka ga wutar? Akwai abin da ya tare maka gani, kamar labulen buhu ko tulin kaya? Da haske ko da duhu? Ba sai ka auna da mita ba. Ƙidaya rumfuna, ko ka ce taku nawa ne, mai bincike zai je ya auna da kansa.

3. Ɗaure lokaci da abin da ba ya mantuwa

Mu 'yan kasuwa da salla muke lissafin yini, ofis kuma da agogo. "Bayan magariba" a wurinmu magana ce cikakkiya, amma tsakanin magariba da isha akwai fiye da sa'a guda, kuma rumfar katako da kwano ba ta buƙatar rabin wannan kafin ta zama toka.

Buɗe wayarka ka duba jerin kira. Idan ka kira 'yan kwana-kwana a 118, ko 'yan sanda a 117, ko ka kira mai rumfar, minti ɗin yana nan a rubuce. Hoton farko da ka ɗauka ma yana ɗauke da lokacinsa. Wannan shi ne turkenka. Daga shi sai ka koma baya: me na yi kafin kiran? Na ji wari, na fito, na leƙa, na yi ihu, na ɗebi ruwa bokiti biyu, sannan na kira. Sai ka ce, "kamar minti biyar kafin kiran." Ka raba lokacin da ka tabbatar da wanda ka kimanta. Na waya ka rubuta shi da lamba, na kai kuma ka sa masa "kamar" ko "wajen."

Wani abu da mutane ke mantawa: duba ko agogon wayarka daidai yake. Idan yana gaba da minti bakwai, rubuta haka. Kuma ofis yana lissafi da sa'a 24, bakwai saura kwata na yamma ita ce 18:45. Na taɓa ganin inda aka rubuta ƙarfe bakwai kawai, mai juyawa ya mai da ita ta safe.

Idan ba ka da waya a lokacin, jingina da abin da wasu za su iya tabbatarwa: an sallame salla a masallacin layi, an kawo wuta, mai gadi ya rufe ƙofar gabas.

4. Raba magana gida uku: na gani, na ji da kunnena, an gaya mini

A nan bayani yake gyaruwa ko ya lalace. Ɗauki takardarka ta farko, ka bi ta jimla bayan jimla, kana tambayar kanka: wannan da idona na gani? Ko ƙara ce da wari da suka iso gare ni? Ko wani ne ya faɗa mini? Duk abin da aka faɗa maka, ko ka cire shi, ko ka rubuta shi a sarari cewa wane ne ya gaya maka, a ina, da yaushe. Akwai gida na huɗu kuma, wato zato, wanda ba shi da wuri a takardar.

Dubi bambancin. "Wayar lantarki ce ta haddasa wutar," wannan zato ne. "An ɗauke wuta tun la'asar, aka dawo da ita muna salla, bayan na dawo na ji warin roba tana ƙonewa," wannan shaida ce. Ta biyun ta fi amfani ga mai bincike nesa ba kusa ba, domin ka ba shi kayan aiki, ka bar masa yanke hukunci, wanda dama aikinsa ne.

Zan faɗi abin da ya koya mini wannan, don har yau yana damuna. A farkon fara wannan aiki, wani dattijo ya ce mini, "Malam, rubuta cewa yaron mai shayi ne ya bar garwashi, kowa ya sani." Na rubuta yadda ya faɗa. Aka tsare yaron kwana biyu ana tambayarsa, ga uwarsa zaune a ƙofar ofis. Daga baya da aka sake tambayar dattijon, sai ya ce shi dai ya ga yaron da murhu da rana, bai gan shi da yamma ba. Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini "kowa ya sani," sai in ajiye biro in ce, "Baba, kai me ka gani?"

Ba maganar tausayi kaɗai ba ce. Dokar hukunta laifuka ta Kamaru ta 2016 ta ɗauki cinna wuta da gangan a matsayin babban laifi a sashe na 227, kuma a sashe na 304 ta tanadi hukunci ga wanda ya kai wa hukuma ƙagen ƙarya a kan wani. Sunan mutum a takardar gobara abu ne mai nauyi. Idan ka ga mutum a wurin, faɗi abin da ka ga yana yi, da kayan jikinsa, da inda ya nufa. "Na ga wani ya fito da gudu" gaskiya ce. "Na ga wanda ya sa wutar yana gudu" ƙari ne, don a gobara kowa gudu yake.

5. Bayyana wutar yadda mai bincike ke buƙata

Babbar tambayarsa ita ce a ina ta fara. Amsar da za ka iya bayarwa kuwa ita ce a ina ka fara ganinta, kuma waɗannan biyun ba ɗaya ba ne. A kasuwanninmu rumfuna goma suna iya zama ƙarƙashin kwano ɗaya, bangon da ke raba su bai kai sama ba. Hayaƙi mai zafi yana hawa sama, ya bi ƙarƙashin kwanon, ya fito ta inda ya samu kafa, wataƙila rumfa uku gaba da inda wutar take ci. Saboda haka kada ka rubuta "wutar ta tashi a rumfa ta 14." Rubuta "na fara ganin hayaƙi yana fita ta saman ƙofar rumfa ta 14." Sannan ka faɗi inda ka fara ganin harshen wuta, a ƙasa ko a sama, gaba ko baya.

Bayan wannan, ga abubuwan da nake tambaya kullum, ka amsa wanda ka sani kaɗai. Me ya fara iso maka, wari, ƙara ko hayaƙi? Warin mene ne: roba, fetur, yadi, itace? Hayaƙin fari ne ko baƙi, kuma ya sauya daga baya? Baƙin hayaƙi mai kauri yakan fito daga roba, katifa ko mai, amma a kasuwa kusan kowace rumfa akwai leda da roba, don haka faɗi launin kawai, kada ka fassara shi. Akwai wutar lantarki a layin a lokacin, ko injin janareta ake amfani da shi? Ƙwan fitila ya yi ta rawa kafin nan? Ta ina iska ke kaɗawa? Da hunturu iskarmu daga arewa maso gabas take zuwa, ita ce ke kora wuta cikin layi, kuma sanin haka yana taimaka wa mai bincike ya bi sawunta baya.

Idan ka ji fashewa, abin da ya fi muhimmanci shi ne yaushe: kafin ka ga hayaƙi ko bayan wuta ta kama? Gwangwanin turare, na maganin sauro da tukunyar gas duk suna fashewa idan wuta ta iske su. Mutane da yawa suna jin ƙarar sai su ce gas ne ya jawo, alhali wutar ta daɗe tana ci kafin ta kai gare shi.

Sai maganar ƙofa. Rumfar a rufe take ko a buɗe? Kwaɗon yana jiki? Idan an fasa, wa ya fasa, da me, da wane lokaci? Washegari mai bincike zai tarar da karyayyen kwaɗo a ƙasa, zai so ya san ɓarawo ne ya karya kafin wuta, ko ku ne kuka karya don ceton kaya. Idan kai ka fasa, faɗa ba tsoro. Haka duk abin da ka taɓa ko ka janye, ko mita da ka kashe.

Akwai wurin da mutane ke yin shiru, ni kuma shawarata kada a yi. Idan ka san ana ajiye jarkokin zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bumburutu, a wata rumfa, ko an ja waya daga mita ɗaya zuwa rumfuna shida, kuma ka gani da idonka, aka tambaye ka, faɗi gaskiya. Toka ba ta ɓoye jarka da waya, za a gan su. Idan kuma abin ya shafe ka kai kanka, misali daga mitarka aka ja wayar, to matsayinka ya wuce na shaida kawai, nemi shawarar lauya kafin ka rubuta komai a kan wannan ɓangaren.

6. Zana taswirar layin

Falle guda, layi biyu, akwatuna a jere da lambobin rumfuna. Sa alama inda ka tsaya, alama inda ka fara ganin hayaƙi, kibiya ta nuna inda wutar ta bi. Nuna gabas, kowa ya san alƙibla. Ba a neman kyau. Rubuta sunanka da kwanan wata a ƙasa.

Hotuna da bidiyo kuwa, bar su a wayar da ta ɗauke su. Wanda aka tura ta WhatsApp yakan rasa bayanin lokacin da aka ɗauka, kuma ingancinsa yana raguwa. Kada ka yanke, kada ka goge ko da ya yi duhu. Bidiyon da wani ya turo maka ba shaidarka ba ce, faɗi wanda ya turo.

7. Mayar da shi tsaf

Yanzu sai ka kwafe a sabuwar takarda, bi da bi yadda abin ya faru, da "na" da "ni," gajerun jimloli. Ga yadda na tsara na wani mai atamfa, na cire sunaye:

"Ina sayar da atamfa a rumfa ta 11, layin masu yadi. Mai rumfa ta 14 maƙwabcina ne, ba mu da dangantaka, babu bashi tsakaninmu. Ranar Talata an ɗauke wutar lantarki tun wajen la'asar. Na tafi sallar magariba a masallacin layi, da na dawo na tarar an kawo wuta, ƙwan rumfata yana ci. Ina cikin naɗe kaya a bakin ƙofa, ina fuskantar yamma, sai na ji warin roba tana ƙonewa. Na duba rumfata ban ga komai ba. Na fito tsakiyar layi, sai na ga hayaƙi fari-fari yana fita ta saman ƙofar rumfa ta 14, rumfa biyu ke tsakaninmu. Ƙofar a rufe take da kwaɗo, mai ita ya tashi tun kafin magariba, na ga fitarsa. Ban ga kowa a bakin rumfar ba. Na yi ihu, mutane suka taho. Na kira 118 da ƙarfe 18:47, kiran yana cikin wayata. Tsakanin jin warin da kiran kamar minti biyar ne. Na kira mai rumfar da 18:49, bai ɗauka ba. Ni da mai gadi muka karya kwaɗon da ƙarfen taya. Da muka buɗe na ga wuta a bangon baya, ɓangaren dama, daga tsayin kafaɗa zuwa sama. Hayaƙin ya koma baƙi, muka ja da baya. Bayan haka na ji fashewa sau biyu daga wajen rumfa ta 15, inda ake sayar da turare. Iska tana kaɗawa zuwa yamma, wutar ta bi 15 da 16. Mai gadi ya gaya mini a daren cewa akwai firji a rumfa ta 14, ni ban taɓa shiga na gani ba. Ban san abin da ya haddasa wutar ba."

Ka lura da jimlar ƙarshe. Mai atamfar bai so a sa ta ba, ya ce za a ɗauka bai san komai ba. Na ce masa, "Alhaji, ita ce za ta sa a yarda da sauran." Ka lura kuma da firjin: ya shiga takarda, amma da sunan wanda ya faɗa, don mai bincike ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

A ƙasa ka rubuta gari da kwanan wata, ka sa hannu. Idan wani ya rubuta maka, ya sa sunansa, ya ce shi ya rubuta daga bakinka kuma ya karanta maka. Kada a bar fili tsakanin layin ƙarshe da sa hannu. In ka yi kuskure, ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, ka sa hannu a gefe. Kada ka shafe.

8. Lissafin asara, takardarsa daban

Idan kai ma wutar ta taɓa ka, kada ka cusa asararka cikin bayanin shaida. Jimla ɗaya ta isa: rumfata ma ta ƙone, lissafi yana haɗe. A wata takardar ka jera kaya, adadi, da kuɗin sari, ba na sayarwa ba, sai in an ce ka sa duka biyu. Idan littafinka ya ƙone, koma wurin waɗanda kake sari a hannunsu su ba ka kwafin rasit, ka duba saƙonnin tura kuɗi a waya.

Hattara da lissafin baka. Mu muna ƙirga da dala, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce, jaka ɗaya, wadda ake ce wa boro da Fulatanci, sefa 1,000. In ka ce dala dubu mai rubutu ya sa 1,000, ka tashi da kashi ɗaya cikin biyar na abin da kake nufi. A rubuta komai da sefa, da lamba da kuma kalmomi. Kada ka ƙara ko turmi ɗaya da fatan tallafi. Maƙwabta sun san girman rumfarka, kuma in aka kama ƙari a lissafi, shaidarka a kan wutar ma ta raunana.

9. Juyawa zuwa Faransanci

A Garwa, Marwa ko Ngaundere, fayil da Faransanci ake yinsa. Idan kana ƙetaren Kusiri, a Njamena, Faransanci da Larabci ne harsunan hukuma, kuma dokar can daban take, sassan da na ambata na Kamaru ne. Ka ba wanda ya iya harsunan biyu sosai ya juya, sannan ka sa wani daban ya karanta na Faransancin ya mayar maka da Hausa da baki. A nan ake kama ɓarna. "Kamar" takan ɓace, "an ce" takan koma "na gani," "hayaƙi" yakan koma "wuta." Masu rubuta wa jama'a takardu a bakin ofisoshi sun iya tsari, amma wasunsu suna son ƙawata magana. Ce masa ba ado kake so ba. Haɗa na Hausar da na Faransancin, ka yi kwafi biyu, ɗaya ya zauna a gida.

10. Ranar zama gaban jami'i

Je da katinka, wayarka, da takardunka. Idan Faransancinka na ciniki ne kawai, faɗa tun farko ka nemi tafinta, babu kunya a ciki. Amsa abin da aka tambaye ka. Idan aka ce, "Ashe ba daga mita ta tashi ba?" kada ka ce e don girmamawa. Mu mun saba ba ma musa wa babba, amma a wannan kujerar e ɗinka rubuta ta ake yi. Ce, "Ranka ya daɗe, ban ga mitar ba, bangon baya na gani."

Idan ya gama, dokar tsarin shari'ar laifuka ta 2005, wadda ta fara aiki a 2007, ta ba ka kariya a sashe na 90. Sai an karanta maka abin da aka rubuta, an fassara in da buƙata, kafin ka sa hannu. Kowane falle za ka sa masa alama, haka duk inda aka soke ko aka ƙara kalma. Wanda ba ya iya sa hannu zai dangwala babban yatsansa na dama. Kuma kana da damar rubuta abin da ba ka yarda da shi ba kafin sa hannunka, muddin ka faɗe shi a fili.

Saurari karatun da takardarka a hannu, kana bi. Duba lokutan, duba lambobin rumfuna, duba ko "an gaya mini" tana nan inda ka sa ta. In an sauya, ka ce a gyara, cikin ladabi, ko da jami'in yana sauri. Kada ka sa hannu a farar takarda da alkawarin za a cike daga baya. Kafin ka fita, rubuta sunan jami'in da ranar a bayan kwafinka. Idan bayan kwana biyu ka tuna wani abu, ko ka gane ka yi kuskure a lambar rumfa, kada ka taɓa tsohuwar takardar. Rubuta sabuwa da kwanan watan ranar, ka ce ƙari ne ko gyara ga bayaninka na farko, ka kai wa jami'in da ya saurare ka.